Sunaye Arba'in da Ɗaya na Gamgol

Idan aka yi wa mutum tambaya, ya ba da amsa daidai da tambayar, alhali a ransa ya san ba abin da mai tambayar yake son sani ke nan ba, ya yi ƙarya ko bai yi ba? Na daɗe ina juya wannan magana, ban samo kanta ba. Byeon Sang-uk ma, wanda abin ya faɗo a kan teburinsa, bai samo ba, ga shi kuwa shi wa'adi aka ba shi.

Byeon ma'aikaci ne a ofishin ƙungiyar manoma ta wata gunduma da ke kudancin Koriya, inda duwatsu suka fi gonaki yawa. Ya ba hamsin baya, gashinsa ya fara furfura ta gefe, kuma abokan aikinsa sun san shi da hali ɗaya: ba ya buga hatiminsa a takardar da bai karanta ba. Ƙungiyar tana da motar kanti, wata farar mota da aka jera wa kantoci a ciki, take zagaya ƙauyukan da shagunansu suka mutu. Ran Laraba Gamgol take hawa, ƙauyen da ke can ƙarshen kwari, inda motar haya ta daina zuwa tun tuni. Ta kai musu awara da man riɗi da busasshen kifi da sabulu da batir, ta dawo.

To a kakar bana, wata ran Litinin, sai takarda ta zo daga babban ofishi. Motar tana cin mai, direba ɗaya ne, hanyoyi sun yi yawa. Duk ƙauyen da masu sayayyarsa ba su kai arba'in a shekara ba, za a cire shi daga zagaye. A ƙasan takardar akwai ɗan akwati ɗaya, an rubuta a kansa: adadin sunayen masu sayayya, kada a maimaita suna. Kusa da shi gurbin hatimi.

Sauran ƙauyukan ba su ba da wahala ba, wasu sun haura saba'in, ɗaya bai kai ashirin ba, kowa ma ya san ya mutu. Gamgol ce ta tsaya a wuya.

Jerin Gamgol layi ne kusan dubu biyu, don duk wanda ya sayi abu sai direba ya shigar da sunansa a kwamfutar hannu, saboda kyautar sabulun da ake rabawa a ƙarshen shekara. Suna ɗaya sai ya fito sau hamsin. Byeon ya kwafe jerin gefe guda, ya umarci kwamfuta ta bar kowane suna sau ɗaya tak, ta zubar da maimaici. Layi arba'in da bakwai suka rage.

Manaja Ok Hye-ran ta leƙo ta bayansa da kofin shayin sha'ir a hannu. Ta girme shi a muƙami, ya girme ta a shekaru, shi ya sa kullum maganarsu take tafiya a kan siraɗi.

"Arba'in da bakwai," ta ce. "Sun tsira. Rubuta, mu wuce wurin."

"Tukuna, Manaja."

Ya nuna mata da bakin biro. Layin farko ba mutum ba ne, kan jadawalin ne, inda aka rubuta "Suna". Saura arba'in da shida. Akwai kuma layi guda fari fat, na ranakun da direba ya manta bai sa suna ba, kwamfuta ta tara su ta bar ɗaya kamar shi ma wani ne. Saura arba'in da biyar. Sai ya jera sunayen bi da bi, nan ya ga guda huɗu sun fito sau biyu biyu, iri ɗaya sak a ido. Ya duba da kyau, ashe babban yatsan direba ne yake ƙara tazara a ƙarshen suna, ita kuwa kwamfuta suna mai wutsiya da marar wutsiya mutum biyu ne a wurinta. Ya goge tazarar a dukan jerin, ya sake tacewa.

"Arba'in da ɗaya," ya ce.

Manaja Ok ta ajiye kofin. "Kada ka ƙara taɓa komai. Duk taɓawar da ka yi mutum ake rasawa."

"Ba mutane na rasa ba, ai da ma ba su nan."

"To. Arba'in da ɗaya ya fi arba'in. Sa hatimi."

Byeon bai motsa ba. Yana kallon sunayen, yana jin wani abu yana yi masa ƙaiƙayi. Kaɗan ne daga cikinsu sunayen katin shaida. Ga Ta-Hadong, ga Ta-Gurye, wato matan da ake kira da garin da aka auro su. Ga Maman Yeong-ho. Ga wata wai Mai Baƙin Kare. Direba yadda ƙauye yake kiran mutum haka yake rubutawa.

"Manaja, wannan sunaye ne. Ban san ko mutane ne ba."

"Karanta akwatin. Me ya ce?"

"Sunaye ya ce."

"To me ya rage?"

"Saman takardar masu sayayya ya ce. Arba'in ɗin nan da suka yanke, kawuna suke nufi."

"Kai ne ka haife su da za ka san abin da suke nufi? Yallaɓai Byeon, an tambaye ka ƙwai nawa ne a kwando, kai kuma kana neman sanin kajin da suka saka."

"Ba zan buga hatimina a kan abin da ban sani ba."

Ta dube shi, ta dubi kalandar bango. "Ran Juma'a takardar za ta tafi. In ta tafi akwatin a buɗe, su za su cike da kansu, kuma ka san hannunsu ba ya rawa wajen yanka."

Ran Laraba da safe Byeon ya tsaya a bakin gareji da takardar sunayen a aljihu. Direban, Ma Deok-su, yana ɗora akwatunan awara. Ƙaton mutum ne mai jan wuya, tare suka yi firamare, Byeon yana gabansa da aji ɗaya, don haka har yau Yaya yake ce masa, ko da zagi zai biyo baya.

"Yaya, ina zuwa da takalmin ofis?"

"Gamgol zan bi ka."

"An ce kwamfutarka ta ce arba'in da ɗaya."

"Ta ce."

"To zuwa za ka yi ka ƙara, ko ka rage?"

"Zuwa zan yi in gani."

Ma ya rufe ƙofar baya da ƙarfin da ya fi na kullum. "Mai neman gani shi yake gano abin da ba a aike shi ba. Hau."

Hanyar ta yi ta nannaɗe dutse. A gefen kwalta an shanya jan barkono a kan baƙaƙen ledoji, Ma yana kauce musu ba tare da ya rage gudu ba. Byeon ya tambaye shi me ya sa ba ya rubuta sunan gaskiya.

"In tsaya gaban sa'ar uwata in ce mata, ke, yaya sunanki? Kai za ka iya? Wasunsu ma tun ranar da aka kawo su ƙauyen ba wanda ya ƙara kiran sunan. In ka kira sai su waiga su ga wa ake nufi."

Da suka shiga Gamgol, Ma ya kunna waƙar da motar take shela da ita, tsofaffi suka fara fitowa, wasu da sanda, wasu suna tura keken jarirai da ba jariri a ciki, don shi ne madogararsu kuma shi ne kwandonsu. Aka yi ciniki a gindin babbar bishiyar da ke gaban zauren tsofaffi. Byeon ya tsaya gefe yana ƙirga kawuna a ɓoye. Ya samu ashirin da 'yan kai, sai ya tuna ba kowa yake fitowa kowane mako ba, ƙirgar ba ta da amfani. Ya bari.

Bayan ciniki aka ja su cikin zauren, don ba a barin direba ya tafi da yunwa. Suka tuɓe takalma, suka zauna a ƙasa mai ɗumi. Aka kawo dafaffen dankali da kabeji mai yaji. Wata tsohuwa mai gajeren gashi da aka murɗe, wadda bakinta ya fi na kowa kaifi, ta ƙare wa Byeon kallo.

"Deok-su, wannan fa? Ɗan haraji ne?"

"Daga ofis yake, Iya. Ƙirga ku ya zo yi."

"Ƙirga mu? To ya yi sauri, kafin sanyi ya rage masa aiki."

Aka yi dariya. Byeon ya durƙusa sosai, ya gaishe su, ya faɗi shekarunsa da garin ubansa kamar yadda aka tambaya, sannan ya zaro takardar. Bai ɓoye musu ba, ya ce in ba su kai arba'in ba motar za ta daina zuwa. Dariyar ta ɗauke. Wata da ke can lungu ta ce, "To awarar fa?"

Ya fara karantawa, yana neman gafara kafin kowane suna.

"Ta-Hadong."

"Ga ni," in ji mai kaifin bakin.

"Ga ni," in ji wata siririya da ke kusa da ƙofa.

Byeon ya ɗaga kai. "Ku biyu ne?"

"Ni ce ta ainihi," in ji mai kaifin bakin. "Na riga ta zuwa. Ita wannan daga bayan gari take, Hadong ɗin ma a nesa take hango shi."

"Ƙaryarki, gidanmu yana kallon kogi."

Byeon ya juya ga Ma. "Ka san su biyu ne?"

"Na sani mana. Ni ai ina ganin fuskarsu."

"Sabulun fa?"

"Biyu nake kawowa."

Byeon ya rubuta arba'in da biyu a gefen takarda, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ashe ƙari ma za a samu. Ya ci gaba. Sunaye da dama suka wuce lafiya, ko mai sunan ta amsa, ko a ce tana gona, ko yana asibiti ganin likitan ƙafa.

"Maman Yeong-ho."

Wata mai tabarau ta ɗaga hannu.

Can ƙasa kaɗan ya karanta, "Mai Baƙin Kare." Hannun nan dai ya sake tashi. Da ya kai "Seok Mal-sun" sai aka yi ta kallon juna, har mai tabarau ta ce a hankali, "Kamar ni ce."

"Iya, duka ukun?"

"Karen ya mutu da bazara," ta ce, kamar mai ba da haƙuri. "Sunan katin kuma, ranar da ɗana ya zo ne ya tsaya a kan Deok-su wai sai an rubuta ni da kyau."

Suna uku, mace ɗaya. Byeon ya soke arba'in da biyu, ya rubuta arba'in. Ya ji Ma yana huci a bayansa.

Ba a yi nisa ba wata ta amsa suna biyu. Ita kuma bayan doguwar jinya ne 'yarta ta kai ta wurin mai duba, ya ce tsohon sunan ne yake janyo mata ciwo, aka je kotu aka sauya. Rabin shekara tana da wancan, rabi tana da wannan.

"Na kuwa ji sauƙi," ta ce. "Waccan ta tafi da ciwonta. Kada ka haɗa ni da ita."

Talatin da tara. Ta-Hadong mai kaifin baki ta miƙo wuya tana leƙen takardar.

"Nawa muke yanzu?"

"Ban gama ba, Iya."

"Fuskarka ta gama."

Ya karanta na gaba. "Pyo Man-sik."

"Yana nan," in ji wata 'yar ƙaramar tsohuwa da ta tanƙware kamar lauje. Ita ce Ta-Gurye, ta riga ta amsa nata sunan tun farko.

"Yana gida?"

"Yana kan tudu," in ji Ta-Hadong mai kaifin baki. "Shekara shida ke nan yana kwance a kabarinsa yana kallon gonarsa."

Byeon ya dubi jerin da ya buga. Pyo Man-sik ya yi sayayya sau biyar a bana: giyar shinkafa, busasshen kifi, tuffa, turaren tsinke.

"Iya, ke kike saya da sunansa?"

"Shi yake saya. Ni aike na yake yi." Ta gyara zama, ba alamar wasa a fuskarta. "Ranar tunawa da shi, da bikin kaka, da sabuwar shekara, wa yake cin abin da na jera a tebur? Ni ba na shan giya. Kifin nan ma haƙorana ba sa iya shi. Kayansa daban, nawa daban, tun yana da rai haka muke, ba ya son a haɗa masa lissafi da na mace. Yanzu don ya kwanta sai in ci amanarsa?"

"Amma, Iya, ai ba ya..." Byeon ya rasa yadda zai ƙarasa. Shi kansa duk shekara yana jera wa marigayi mahaifinsa tebur, ya zuba masa giya, ya buɗe ƙofa, ya juya baya don tsohon ya ci a natse. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko da gaske wani yana ci ba. In ya ce wa matar nan mijinta ba ya cikin masu sayayya, to wa yake buɗe wa ƙofa a gidansa?

Ya rubuta talatin da takwas, ya sa alamar tambaya, ya rubuta talatin da tara a gefe.

Suna na kusa da ƙarshe na mai unguwa ne, Gil Yong-tae, wani dattijo mai hular kamfanin taki. Shi ya fi kowa yawan layi a jerin, kusan kashi ɗaya cikin biyar.

"Baba, kai kaɗai kake cin wannan duka?"

"Ni ba na sayen komai," in ji Gil. "'Yata tana aiko mini da kaya daga Busan, har sun yi mini yawa."

"To wannan fa?"

"Na mutanen sama ne." Ya nuna gangaren da ke bayan zauren da haɓa. Gidaje biyar ne a can, ya ce, masu su ba sa iya saukowa. Ran Talata yake zagayawa ya ji abin da kowa yake so, ran Laraba ya saya, ya ɗora a babur mai ƙafa huɗu ya kai musu. Ba ko ɗayansu a cikin jerin.

Byeon ya tsura wa takardar ido. In ya cire Gil, tunda ba ya saya wa kansa, ya sa biyar ɗin, talatin da takwas ta koma arba'in da biyu. In ya bar Gil, arba'in da uku. In ya ƙara da marigayi, da huɗu. In kuwa mai sayayya shi ne wanda ya tako da ƙafarsa ya tsaya gaban mota, to biyar ɗin ba sa ciki, marigayi ba ya ciki, an koma talatin da takwas.

"Akwai kuma jikan Ta-Hadong," in ji Ma daga baya, da muryar mai son a gama kashe shi gaba ɗaya. "Tunda gani ka zo yi. Sau ɗaya ya sayi taba da ya zo bikin kaka. Yana cikin arba'in da ɗayanka. A Seoul yake."

"Ya saya ko bai saya ba?" in ji Ta-Hadong.

"Ya saya, Iya."

"To ka bar mini jika a inda yake."

Daga nan zauren ya rikice. Wata ta ce a sa surukarta, ai tana cin awarar in ta zo. Wata ta ce Ta-Sancheong da aka karanta ɗazu tana gidan jinya tun damina, ba kuma za ta dawo ba, sai aka yi mata ca, wa ya tambaye ki. Mai sabon suna ta dage ita mutum biyu ce, a je a tambayi kotu. Ta-Hadong ta kama hannun rigar Byeon.

"Ɗana, kai da ka yi boko, faɗa mana. Mu nawa ne?"

Ya buɗe baki, ya duba gefen takardar da ya cika da lambobi sokakku, ya ce, "Ban sani ba, Iya."

"Ka ji," ta ce wa sauran. "Da ya zo ya sani, yanzu bai sani ba. Ku ƙara masa dankali."

Suka kama hanyar dawowa. Akwatunan da ba komai a ciki suna ta kaɗawa a baya. Sai da suka sauko kan kwalta mai faɗi Ma ya ce, "Yaya, in tambaye ka. Da kwamfutar talatin da tara ta ce, za ka hau dutsen nan?"

"Zan hau."

"Ka nemo me?"

Byeon ya san amsar. Da talatin da tara ta ce, da ya zo neman mutum ɗaya, da ya ji Ta-Hadong su biyu ne, zai naɗe takardarsa ya yi godiya, ba zai ƙara tambayar kowa komai ba. Ke nan tsantsenin nasa ma yana da gefen da yake karkata. Ko kuwa yau ɗin ne ya karkata, da ya ci gaba da tono bayan ya samu abin da ya isa? Ya rasa wanne ne son zuciya a ciki.

"Ni ban iya lissafinku ba," in ji Ma. "Na dai san in na zo, kayan suna ƙarewa."

"Ba a tambaye mu kaya ba."

"Ba a kuma tambaye ku matattu da karnuka ba."

Ran Alhamis Byeon ya wuni yana jan layi a farar takarda. Ya yi rukuni uku: masu tsayawa gaban mota, masu cin abin da aka saya, da sunaye. Na farko ya ba shi talatin da takwas, ko da bakwai in ya cire jikan. Na biyu ya haura arba'in, amma iyakarsa ba ta tsayawa, don in ya sa mutanen sama, me zai hana shi sa mazan da matansu suke yi wa cefane, da suruka, da duk wanda ya taɓa tsoma cokali? Na ukun ne kaɗai ya tsaya cak. Ya sake tace jerin tun daga farko, ya ƙirga da ido yana bin inda suna ya bambanta da na samansa, arba'in da ɗaya dai. Lambar da ya fi tabbata da ita ita ce wadda ya san ba ta nufin komai, kuskuren da ya ƙara da kuskuren da ya rage ne suka haɗu suka haife ta.

Ran Juma'a da hantsi ya shiga wurin Manaja Ok, ya zayyana mata komai, har da Pyo Man-sik. Ta saurara tana murza goshi.

"To yanzu nawa ne?"

"Ya danganta da abin da ake kira mai sayayya."

"Akwatin lamba ɗaya yake ci."

"In haɗa da takardar bayani?"

"Haɗa. Wani yaro a babban ofishi zai buɗe, ya ga talatin da takwas a layin farko, ya ga kalmar marigayi a na biyu, ya ja jan biro. Ba mugu ba ne, ƙauyuka ɗari ne a gabansa." Ta numfasa. "Kana tsammanin sauran rassan hawa dutse suka yi? Kowa maɓalli ya danna. Wasu ma da kan jadawalin suka ƙirga. Arba'in ɗin da aka yanke, da irin wannan ƙirgar aka auna ta. In kai kaɗai ka kawo kawuna, ka auna Gamgol da mudun da ba a auna kowa da shi ba."

"Kin tabbata haka suka auna?"

"Ban tabbata ba. Kai ka tabbata ba haka ba ne?"

Bai tabbata ba. Maganarta tana da kan gado, abin da ya dame shi ke nan, don ya lura duk maganar da za ta kai shi inda yake son zuwa sai ya ji tana da kan gado. Ya ce, "Ke ki sa naki hatimin mana."

"Nawa yana hawa ne a kan naka. Wanda ya ƙirga shi yake fara bugawa, ka fi ni sanin wannan." Ta tura masa takardar. "In talatin da takwas ce gaskiyarka, rubuta ta, ba zan hana ka ba. Sai dai ran Laraba kai za ka hau ka faɗa musu, ba Deok-su ba."

Ya ɗauki takardar ya koma teburinsa. Ta taga yana hango Ma yana wanke motar da tiyo, bai ko ɗago ya dubi ofishin ba. Byeon ya gwada talatin da takwas a ransa, ya ga ita ma ba gaskiya ba ce, ta bar mutum biyar a kan gangare da yunwa kamar ba a halicce su ba. Ya gwada arba'in da uku, ya ga ba shi da layi ko ɗaya a jerin da zai nuna a kai. Ya sake karanta abin da ke kan akwatin, a hankali, kamar mai fatan kalmomin sun sauya tun ran Litinin. Suna nan yadda suke.

Mai kai saƙo ya leƙo ya ce motar babban ofishi za ta tashi, akwai abin tafiya?

"Dakata," in ji Byeon.

Ya rubuta arba'in da ɗaya a cikin akwatin. Ya jawo aljihun tebur, ya ciro hatiminsa daga 'yar jakarsa, ya dangwala a jan tawada. Hannunsa ya tsaya a sama kaɗan, yana jiran ya ji ko sauƙi ko kunya, ko ɗaya bai zo ba. Ya danna hatimin a gurbinsa, ya miƙa wa mai kai saƙo takardar tun tawadar ba ta bushe ba.